Yadda ake gyara saƙon ta'aziyya ga abokin aiki kafin a aika

Saƙon ta'aziyya gajere ne, amma mutum uku ne a cikinsa: mai rubutu, wanda aka yi wa rashi, da wanda ya rasu. Kusan duk kuskuren da ke sosa ran mai karɓar saƙo daga cakuɗa waɗannan ukun yake fitowa. A ce wa mace "mahaifinka", ko a yi wa namiji addu'a da "ya gafarta mata", ko a rubuta jimlar da in an bi ta a hankali sai a ga mai karatun ne aka ce ya rasu. Mai rubutun bai yi nufin haka ba, sauri ne da kaɗuwa. Sai dai wanda ke cikin makoki yakan karanta saƙo fiye da sau ɗaya, wani ma yakan ajiye shi ya riƙa dubawa bayan mutane sun watse, don haka abin da aka rubuta cikin minti ɗaya yana daɗewa a hannunsa.

Za mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. Wata abokiyar aiki ce mahaifinta ya rasu. Ta ɗan girmi mai rubutun, teburinsu ɗaya, suna gaisawa kullum, amma bai san gidansu sosai ba. Ga abin da ya fara rubutawa a waya:

"Slm Malama ya aiki. Naji labarin mutuwan babanki jiya, gaskiya munyi bakin cikin rashinki sosai. Allah ya jikanta ya gafarta mishi yabaka hakurin wannan asarar. Kiyi hakuri kowa zai mutu, dama ya tsufa ya huta. Meya sameshi ne? Karki damu da rahoton nan amma in kin samu dama ki turomin lambar sirrin fayil din. Duk abinda kike so ki fada."

Babu mugun nufi ko kaɗan a ciki. Amma in ta karanta shi haka, akwai aƙalla wurare huɗu da za su ɓata mata rai, ban da kurakuran rubutu. Gyaran yana da tsari, kuma tsarin yana da dalili: ana fara da abin da ya fi ciwo in an yi kuskurensa, a ƙare da abin da ya fi sauƙi.

Mataki na farko: tabbatar da labarin

Kafin a taɓa nahawu, a tabbatar da abu uku: wane ne ya rasu, mene ne dangantakarsa da ita, kuma ita ta riga ta sani. A ofis labari yakan zo a dunƙule, "an yi wa Malama rasuwa", ko "babanta ya rasu", alhali mai yiwuwa ƙanen mahaifinta ne da ya riƙe ta, ko mahaifin mijinta. In ba ka tabbatar ba, tambayi wanda ya fi kusa da ita. In babu wanda za ka tambaya, rubuta "rasuwar da aka yi muku" ka tsaya nan, wannan ba ta taɓa zama kuskure.

Haka kuma addininta da na mamacin, domin addu'ar da za ka zaɓa a kansa ta dogara. Za mu dawo kan wannan.

Mataki na biyu: bi kowane wakilin suna ka tambaye shi wa yake nufi

Nan ne ainihin aikin, kuma nan ya kamata a fi daɗewa. Ka karanta saƙon kalma bayan kalma, duk inda ka ga ka, ki, ku, sa, ta, masa, mata, ka tsaya ka ce: wannan wa ke nan a cikin mutum ukun?

A misalinmu mai karɓa mace ce, mamacin namiji ne. Saboda haka duk abin da ya shafe ta zai zo da ki ko miki, duk abin da ya shafi mahaifinta zai zo da sa, masa ko shi. Duba jimlar addu'ar da ya rubuta: "Allah ya jikanta ya gafarta mishi yabaka hakuri". A jimla ɗaya mamacin ya zama mace a farko, ya koma namiji a tsakiya, ita kuma mai makokin ta zama namiji a ƙarshe. Wannan yakan faru ne idan an kwafo addu'a daga wani tsohon saƙo an gyara rabi an bar rabi, kuma mai karatu yakan gane hakan nan take. Ba abin da ke rage wa ta'aziyya daraja kamar a ga alamar cewa don wani aka rubuta ta tun farko. Daidai shi ne: "Allah ya ji ƙansa, ya gafarta masa, ya ba ki haƙuri."

Akwai ƙa'ida ɗaya da ke warware yawancin ruɗanin nan. A kalma irin "mahaifinki" abubuwa biyu ne aka liƙa. Harafin n ko r da ke tsakiya yana bin jinsin wanda ake magana a kansa, ƙarshen kalmar kuma yana bin jinsin wanda ake yi wa magana. Uban mace, mahaifinki. Uwar mace, mahaifiyarki. Uban namiji, mahaifinka. Uwar namiji, mahaifiyarka. Wannan ƙa'idar ce ta sa "mutuwan babanki" kuskure ne: mutuwa da rasuwa kalmomi ne na tamata, don haka r suke ɗauka ko da namiji ne ya rasu. Rasuwar mahaifinki, ba rasuwan mahaifinki ba. Shi kuwa rashi namiji ne, sai a ce rashin mahaifiyarka ko da mace ce aka rasa. A wasu kare-karen harshe ana jin n a wurin r a baki, kuma ba laifi ba ne a magana, amma a rubutun da za a aika wa abokin aiki gara a bi daidaitacciyar Hausa.

Kuskuren da ya fi muni a saƙon duka shi ne "mun yi baƙin cikin rashinki". Wannan gini ne da aka ɗauko daga Turanci aka sa masa kalmomin Hausa. A Hausa wakilin sunan da ke liƙe da rashi yana nuna wanda aka rasa ne. Rashinsa, shi aka rasa. Rashinki, ke aka rasa. Wato jimlar tana gaya wa mai rai cewa ana baƙin cikin mutuwarta. Abin da ake nufi shi ne "rashin da kika yi", ko "rashin da aka yi muku", ko "rashin mahaifinki". Ina ganin in mutum ba zai riƙe komai daga wannan jagorar ba, ya riƙe wannan, domin yana yawan fitowa daga hannun waɗanda suka saba rubuta wasiƙun ofis da Turanci, kuma ido yakan wuce shi ba tare da ya lura ba.

Sai batun ki da ku. Ana amfani da ku ta hanya biyu: don a haɗa ta da 'yan'uwanta, ko don girmamawa. A misalinmu tsara ce kusan, don haka ki ya isa a inda ita kaɗai ake nufi, ku kuma ya shigo inda iyali suka shiga. "Ina yi miki ta'aziyya" nata ne, "Allah ya ba ku haƙuri" na gidan ne gaba ɗaya. "Mahaifinku" ma ya fi "mahaifinki" taushi, domin yana tuna cewa ba ita kaɗai ta yi rashin ba. Idan shugabar sashe ce ko wadda ta haife ka a shekaru, sai ka riƙe ku daga farko har ƙarshe, kada ka fara da "muna yi muku ta'aziyya" ka ƙare da "sai kin dawo".

Na ƙarshe a wannan matakin, kai kanka. Saƙon ya fara da "na ji", ya koma "mun yi". Da yawun wa kake magana? In kai kaɗai ne, riƙe na da ina. In a madadin sashenku ne, faɗi haka a fili, "a madadin abokan aikinki na sashen kuɗi", sannan ka riƙe mun da muna. Kada ka ce mu alhali ba wanda ya wakilta ka, domin tana iya ɗauka cewa saƙon ofis ke nan ya iso.

Mataki na uku: sauya kalmomin da suka yi kaushi

Mutu kalma ce sahihiya, amma tana shiga ko'ina: dabba ta mutu, fitila ta mutu, aure ya mutu. Rasu ta mutum ce kaɗai. A saƙon ta'aziyya rasu da rasuwa ake so, ko "Allah ya yi masa rasuwa". In za a ambaci mamacin da suna, a sa marigayi ga namiji, marigayiya ga mace. Kalmar gawa ba ta da wuri a saƙon nan sam.

Asara ta dukiya ce, kaya ko kuɗi. Mutum rashinsa ake yi. "Wannan asarar" ta koma "wannan rashin", ko "wannan babban rashi". Haka jaje da ta'aziyya: jaje ana yi wa wanda gobara, sata ko haɗari ya afka wa, ta'aziyya kuwa ta mutuwa ce. In haɗari ne ya haɗa rasuwa da rauni, duka biyun suna iya zuwa tare, amma a misalinmu ta'aziyya kawai ake bukata.

"Babanki" ba rashin ladabi ba ne, haka ake cewa a baki. A rubuce dai "mahaifinku" ya fi nauyi. In kun saba har kana jin tana kiransa Baba a hira, kana iya cewa "rasuwar Baba", ba tare da ki ba, kamar kai ma naka ne. Wannan kusanci ne mai daɗi, amma sai in da ma akwai shi. Kada ka ƙirƙire shi ranar rasuwa.

Gaisuwar farko ma a duba. "Slm" gajartawa ce ta hira, tana nuna gaggawa. A rubuta sallama cikakkiya. "Ya aiki" kuwa a cire ta gaba ɗaya, ba ta wurin aiki, kuma ba wannan ne gaisuwar ranar ba. Gaisuwar ranar ita ce "yaya haƙuri" ko "sannu da haƙuri".

Mataki na huɗu: mayar da umarni addu'a, ka cire hukunci da tambaya

Ladabin saƙo bai tsaya a kalmomi ba, yana cikin ginin jimla. "Ki yi haƙuri" umarni ne a sigarsa. Babba yana iya faɗa wa ƙarami ya zauna daidai, musamman baki da baki inda murya ke tausasa shi. A rubuce, daga tsara ko na ƙasa, yakan fito kamar nasiha daga sama, ga shi kuma irin jimlar da ake ba da haƙuri da ita in an yi wa mutum laifi. In ka mayar da ita addu'a, "Allah ya ba ki haƙuri", ma'anar tana nan, amma ka sauke mata nauyin. Ba ka ce ta yi komai ba, roƙo kake yi mata.

"Kowa zai mutu" gaskiya ce da ta sani fiye da kai a wannan ranar. In kana son ka kawo wannan ma'anar, ka sa kanka a ciki: "Allah ya kyautata namu ƙarshen", ko "in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani". Yanzu ba wa'azi kake yi mata ba, kana tsaye ne a layi ɗaya da ita.

"Da ma ya tsufa, ya huta" ita ce jimlar da na fi so a goge ba tare da neman madadi ba. Mai rubutu yana ganin sauƙaƙawa yake yi, ita kuwa abin da za ta ji shi ne ana auna mata girman rashin, ana cewa bai kai a yi kuka ba. Uba uba ne ko shekarunsa nawa. Kula da bambancin nan: "Allah ya sa ya huta" addu'a ce karɓaɓɓiya, "ya huta" kawai hukunci ne da kai ka yanke. Dangin wannan jimlar duk a guje su: "gara haka da wahalar jinya", "ai kin yi sa'a kin daɗe da shi", "na san yadda kike ji". Ta ƙarshen ko da kai ma ka rasa mahaifi, bar ta sai kun haɗu, in ita ta buɗe zancen.

"Me ya same shi?" tambaya ce da ke tilasta mata ta sake ba da labarin da wataƙila ta gaji da maimaitawa, ko wanda ba ta son ofis ya sani. A cire. Gwaji mai sauƙi shi ne: duk jimlar da ke bukatar ta zauna ta rubuta amsa, ba ta cikin saƙon ta'aziyya.

Addu'o'in kansu a kula da sigarsu. "Allah ya gafarta masa" roƙo ne. "Allah zai gafarta masa" ko "yana Aljanna yanzu" sanarwa ce a kan abin da ba ka da iko da shi, kuma mutane da yawa ba sa jin daɗinta. A jera addu'a uku zuwa biyar, kowacce da "ya" nata, biyu ko uku ga mamaci, ɗaya ko biyu ga waɗanda ya bari. Fiye da haka saƙon yakan zama jerin da ido ke tsallakewa.

Ga abokiyar aiki Musulma ana buɗewa da "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un", wadda ke cikin Suratul Baƙara, aya ta 156. A rubuta ta cikakkiya ko a bar ta, kada a gajarta ta zuwa haruffa. Idan Kirista ce, ba a sa mata wannan, kuma ba a ari kalmomin da ba ka saba da su ba har su fito a karkace. "Allah ya ta'azantar da ku", "Allah ya ba ku ƙarfin zuciya", "Allah ya ba da haƙuri" duk sun dace. Idan addininta daban da na mamacin, ko ba ka sani ba, karkata addu'ar zuwa ga masu rai, haƙuri da juriya da dangana, wannan ba ya saɓa wa kowa.

Mataki na biyar: raba ta'aziyya da aiki

Wannan ne ya bambanta saƙon abokin aiki da na sauran mutane, kuma nan ne mutanen kirki ke zamewa. "Kar ki damu da rahoton nan amma in kin samu dama ki turo min lambar sirri." Kalmar amma ta rushe duk abin da ya gabace ta. Da zarar ta karanta wannan, za ta fara zargin cewa lambar ce dalilin saƙon, ta'aziyyar share fage ce.

Aiki yana iya shiga saƙon ta hanya ɗaya tak: in za ka sauke mata shi. "Rahoton wannan makon yana hannuna" jimla ce mai amfani, domin ta cire mata damuwa guda takamaimai. In kuwa da gaske aikin ba zai tafi ba sai da abin da ke hannunta, fara neman wata hanya, ta wurin shugaban sashe ko masu kula da na'urori. In hanyar ta ƙi, to saƙo daban, a wani lokaci daban, gajere, tare da ba da haƙurin damun ta.

Kada ka yi alkawarin abin da ba naka ba ne. "Ki zauna har sai kin ga dama, ba matsala" magana ce ta mai ikon ba da hutu. In ba kai ba ne, kana iya jefa ta cikin matsala da kyakkyawar niyya. "Duk abin da kike so ki faɗa" kuma, ko da yake da zuciya ɗaya aka faɗe ta, tana ɗora mata aikin tunani da nauyin roƙo, kuma da wuya mai makoki ya amsa ta. Zaɓi abu guda da za ka iya yi, ka faɗe shi da sunansa.

Mataki na shida: rubutun kansa

Sai yanzu ake duba haruffa da rabon kalmomi, domin ba amfanin gyara jimlar da za a goge.

Fara da haruffa masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, da kuma 'y, wanda a Nijar ake rubutawa ƴ. A hira ta yau da kullum mai karatu yakan cike gurbin da kansa, amma a ta'aziyya akwai kalmomin da rashin lanƙwasa ke mayar da su wani abu dabam. "Jikansa" ɗan ɗansa ne. Addu'ar daga jin ƙai take, wato tausayi, don haka "Allah ya ji ƙansa", "Allah ya ji ƙanta". Za ka ga mutane da yawa suna haɗe ta su rubuta "jiƙansa", har ta zama ruwan dare, kuma ba wanda zai ji haushin haka. Ni dai na fi son a raba, amma ko an haɗe, ƙ ɗin dole ne. Haka "ƙanwarki" in ta rasa lanƙwasa ta zama kanwa, "'ya'yansa" in aka zubar da alamomin ya zama yayansa, wato wansa, sai addu'ar da aka yi wa marayu ta tafi wurin wani. Baƙin ciki da haƙuri ma su sami nasu.

Yawancin allon rubutu na waya suna da Hausa a jerin harsuna, in an ƙara ta haruffan za su fito, sau da yawa ta danne k, d ko b na ɗan lokaci. In kana kan na'urar da ba ta da su kuma ba lokaci, zaɓi addu'ar da ba ta bukatar su: "Allah ya yi masa rahama, ya gafarta masa, ya kyautata makwancinsa" babu harafi mai lanƙwasa ko ɗaya a ciki.

Sai rabon kalmomi. Wakilin suna da ke gaban aikatau a rabe yake: na ji, mun yi, ki yi, ya ba. Wanda ke bayan aikatau ma a rabe: same shi, ba ki, turo mini. Na mallaka kuwa a liƙe: mahaifinku, makwancinsa, bayansa. Masa, mata, miki, muku kalma ɗaya ce kowacce, kuma a rubutu masa ya fi mishi. Ina, muna, yana a haɗe suke, haka zan da zai, amma za mu da za ki a rabe. "Abin da" kalma biyu ce. Ba ado ba ne wannan: "yabaki" a haɗe ana iya karanta ta "yaba ki", kuma "da ma" mai nufin tun farko daban take da "dama" ta samun sarari, ga su duka biyun a saƙon farko an rubuta su iri ɗaya.

Wasu suna rubuta "Allah Ya" da babban harafi don girmamawa, wasu da ƙarami. Ɗauki ɗaya ka riƙe shi har ƙarshe.

Akwai kuma "jiya" a jimlar farko. "Na ji labarin rasuwar mahaifinku jiya": jiya ya rasu, ko jiya ka ji? In ta ɗauka jiya ka ji, za ta iya tambayar kanta me ya hana ka magana tun jiya. Matsar da lokacin zuwa farkon jimla ya manne da jin labarin: "Yau da safe na sami labarin". In ka makara da gaske, faɗi haka cikin jimla ɗaya, "sai yanzu labarin ya iso gare ni", ba tare da dogon uzuri ba, domin saƙon ba a kanka yake ba.

A cire alamar motsin rai da aka jera uku-uku, da hotunan fuska mai kuka. Aya da waƙafi sun isa.

Saƙon bayan gyara

"Assalamu alaikum, Malama.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yau da safe na sami labarin rasuwar mahaifinku. Ina yi miki ta'aziyya, ke da sauran 'yan'uwa, bisa wannan babban rashi.

Allah ya ji ƙansa, ya gafarta masa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah ya ba ku haƙurin rashinsa, ya albarkaci bayansa.

Batun ofis kada ya dame ki, rahoton wannan makon yana hannuna. Ba sai kin amsa wannan saƙon ba. In Allah ya yarda zan zo gaisuwa gobe da yamma."

Sai ka sa cikakken sunanka a ƙasa, ko da kana ganin tana da lambarka. A irin wannan rana waya takan kasance a hannun ƙanwa ko ɗiya tana karanto saƙonni, kuma ita ba ta san ka ba.

Lura cewa "rashinsa" ya dawo, amma yanzu sa ɗin yana nuna wanda aka rasa da gaske. Jimlar "ba sai kin amsa ba" kuma ba cika wuri ba ce. Mai makoki yakan sami saƙonni da yawa, kowanne yana zama masa kamar bashi, wannan jimlar tana yafe bashin tun kafin a ci shi. Alkawarin zuwa gaisuwa kuwa, in ba za ka iya cikawa ba, cire shi, ka ce za ka kira bayan kwana biyu, ko ka yi shiru a kan batun.

In ka taɓa haɗuwa da marigayin, jimla ɗaya ta gaskiya a kansa ta fi kowace addu'ar da aka kwafo tasiri, misali cewa ba ka manta yadda ya tarbe ku ranar da kuka je duba shi ba. In ba ka san shi ba, kada ka ce mutumin kirki ne mai son jama'a don kawai haka ake cewa. Ta san ba ka san shi ba. Abin da za ka iya faɗa da gaskiya shi ne abin da ka gani a wurinta: "Yadda kike yawan ambatonsa ya nuna mana matsayinsa a wurinki."

Idan mutanen sun sauya

In namiji ne abokin aikin kuma mahaifiyarsa ce ta rasu, kada ka gyara saƙon nan ta sauya kalma ɗaya-ɗaya, nan ne ake barin rabi. Sake rubuta shi daga farko: Malam, rasuwar mahaifiyarku, ina yi maka ta'aziyya, kai da sauran 'yan'uwa, ya ji ƙanta, ya gafarta mata, makomarta, rashinta, bayanta, kada ya dame ka, ba sai ka amsa ba. Wurare goma sha ɗaya ke nan a saƙo mai layi kaɗan.

In shugabanka ne, buɗe da laƙabin da ka saba kiransa da shi a ofis, riƙe ku, kuma ka cire "batun ofis kada ya dame ku", domin ba kai ke sauke wa shugaba aiki ba. "Muna nan muna kula da abin da ke hannunmu" ta fi dacewa. In ƙaramin yaro ne ya rasu, addu'ar gafara da ta albarkar baya ba su zauna ba. Ga iyaye Musulmi akan ce "Allah ya sa mai ceto ne", ko "mai ceto ce" in yarinya ce, kuma kada a kuskura a rubuta cewa Allah zai ba su wani, ko a tuna musu cewa suna da sauran 'ya'ya.

Kafin aikawa, da bayanta

Karanta saƙon a bayyane sau ɗaya, a hankali, kamar tana gabanka. Kunne yana kama "ya ba ka" da ido ya wuce. Sannan ka duba sunan wanda za ka aika wa. A aika mata ita kaɗai. Zauren ma'aikata na waya ba wurin fara ta'aziyya ba ne sai in ita ko ofis sun riga sun sanar a can, kuma ko an sanar, abin da ka rubuta a zaure bai maye gurbin naka na kai tsaye ba.

In ka riga ka aika sannan ka hango kuskure, duba irinsa. Harafin da ya rasa lanƙwasa ko kalmomin da suka haɗe, bar su, saƙo na biyu a kansu damu ne kawai. Amma in jinsin mamacin ka juya, ko dangantakar ka kuskure, ko ka rubuta "rashinki", gyara nan take. In manhajar tana ba da damar gyara saƙo, yi amfani da ita. In ba ta bayarwa, kada ka goge ka bar mata alamar an goge saƙo ba bayani, tana iya tsayawa tunanin me aka faɗa. Aika cikakken saƙon da aka gyara, da layi ɗaya a samansa: "A gafarce ni, na yi kuskure a rubutun farko."